Yadda ake hasashen laushin tantanin ƙwayar halitta, da yadda ake auna shi a gwaji

In aka ajiye wa mutum kwalba biyu na lifid, wato nau'in kitsen da ke gina tantanin ƙwayar halitta, ɗaya da DPPC ɗaya da DOPC, aka ce ya faɗi wanne ne zai ba da tantani mai laushi, abu na farko da ya kamata ya tambaya shi ne: a wane zafi? A digiri 25 DPPC a sandare yake, DOPC kuwa ruwa-ruwa. A digiri 55 dukansu biyu a narke suke. Laushi ba hali ba ne da lifid ke yawo da shi a jikinsa. Ya danganta ne ga tazarar da ke tsakanin zafin da tantanin yake ciki da zafin da jelolinsa suke narkewa, wanda ake rubutawa Tm. Wanda ya riƙe wannan, aikin kolestarol ma ba zai ruɗa shi ba, domin shi ma ɓangaren Tm da ake ciki ne ke nuna inda zai ja.

Mataki na farko: karanta jelar lifid

Kowane fosfolifid yana da kai mai son ruwa da jela biyu masu gudun ruwa. Ana rubuta jelar da lamba biyu, misali 16:0. Ta farko yawan kabon ce, ta biyu kuma yawan haɗi mai ninki biyu. To, a fara da tsawo. Idan kai ɗaya ne, wato fosfatidilkolin, kuma jelolin cikakku ne babu haɗi mai ninki biyu, Tm yana hawa kamar haka: DLPC mai 12:0 yana narkewa a wajen digiri 2 ƙasa da sifili, DMPC mai 14:0 a digiri 24, DPPC mai 16:0 a digiri 41, DSPC mai 18:0 a digiri 55. Dalili a fili yake. Jela miƙaƙƙiya tana kwanciya jikin maƙwabciyarta daga sama har ƙasa, kuma kowane kabon da aka ƙara yana ƙara ɗan jan da ke tsakaninsu. Jan ba shi da ƙarfi a kabon ɗaya, amma idan ya taru sai an zuba zafi sosai kafin jelolin su saki juna. A lura kuma cewa ƙarin yana raguwa: daga 12 zuwa 14 an samu digiri 26, daga 14 zuwa 16 digiri 17, daga 16 zuwa 18 digiri 14.

Haɗi mai ninki biyu ya fi tsawo tasiri nesa ba kusa ba. DSPC da DOPC duk kabon 18 ne da su a kowace jela. Bambancin kawai shi ne DOPC yana da haɗi ɗaya irin na sis a kabon na 9, kuma wannan kaɗai ya sauko da Tm daga 55 zuwa wajen digiri 17 ƙasa da sifili, faɗuwar da ta haura digiri 70. Haɗin sis yana lanƙwasa jela da kimanin digiri 30 na kusurwa. Mai ɗaura itace ya san miƙaƙƙun sanduna suna matsuwa ƙam a dami, amma karkatacciya ɗaya tak tana buɗe giɓi ta kowane gefe. Ba haɗin kansa ne ke kawo laushi ba, lanƙwasar ce, kuma ga shaida: idan haɗin na kabon na 9 irin na tirans ne, wanda yake barin jela kusan a miƙe, Tm yana tsayawa a wajen digiri 12 sama da sifili.

Abu biyu ake yawan mantawa a nan. Na ɗaya, wurin da haɗin yake yana da tasiri: a tsakiyar jela ya fi ɓata tsari, in ya matsa kusa da kai ko kusa da ƙarshen jela sai tasirinsa ya ragu. Na biyu, haɗi na farko ne ke yin mafi yawan aikin. Na biyu da na uku suna ƙarawa amma ba kamarsa ba. Shi ya sa POPC, mai jela ɗaya 16:0 da ɗaya 18:1, yake narkewa tun a wajen digiri 2 ƙasa da sifili. Irin wannan tsari na jela ɗaya miƙaƙƙiya ɗaya lanƙwasasshiya shi ne ya fi yawa a tantanin dabbobi.

Kai ma yana da nasa rabon. DPPE da DPPC jelolinsu ɗaya ne, amma DPPE yana narkewa a digiri 63. Kansa ƙarami ne, kuma yana ƙulla haɗin haidirojin da maƙwabtansa, don haka suna matsuwa sosai. Sifingomayalin ma yawanci jelarsa doguwa ce cikakkiya, kuma Tm ɗinsa yana kusa da zafin jikin mutum ko sama da shi kaɗan.

Mataki na biyu: aza zafin aiki a kan Tm

A ƙasa da Tm jelolin a miƙe suke, a jere, kowane lifid a kafe a wurinsa. Wannan shi ne yanayin sandarewa. A sama da Tm jelolin suna murɗewa suna juyawa, kowane lifid yana cin fili mai faɗi, tantanin kuma yana yin siriri. Ga DPPC, filin kowane lifid yana tashi daga kimanin nanomita murabba'i 0.48 zuwa 0.64. Saurin yawo gefe da gefe yana ƙaruwa ninki ɗari ko fiye, har lifid ɗaya ya iya kewaya fili na maikiromita murabba'i kaɗan a daƙiƙa guda.

A lifid iri ɗaya tsantsa wannan sauyi kwatsam yake zuwa, cikin ƙasa da digiri ɗaya. A tantanin halitta mai lifid iri ɗaruruwa babu Tm guda, sai faffaɗan zango inda wani sashe ya sandare wani yana narke. Wurin haɗarin kuma shi ne tsakiyar sauyin. A nan ne tantani ya fi yoyo, fiye da lokacin da ya gama narkewa, saboda iyakar da ke tsakanin sandararren sashe da narkakke cike take da giɓi. Wanda ya cika lifosom na DPPC, wato 'yar jakar tantani mai ruwa a ciki, da rini ya ajiye shi a digiri 41, zai ga rinin ya fice da sauri fiye da na digiri 30 ko na 50.

Mataki na uku: shigo da kolestarol

Siffarsa ce ke bayyana aikinsa. Yana da ɗan ƙaramin kai na haidiroksil guda ɗaya, zobba huɗu a haɗe masu tauri kamar allo, da gajeriyar jela mai motsi. Yana tsayawa a miƙe cikin tantani, kan nasa yana kusa da inda jelar fosfolifid ta haɗu da gilisarol, zobban kuma suna jingine da kabon kusan goma na farkon jelar.

A sama da Tm, jela mai son murɗewa tana cin karo da wannan allo, sai ta miƙe dole. Tantanin yana ƙara kauri, giɓi yana raguwa, ruwa da ƙananan abubuwa suna wahalar ratsawa. Wato kolestarol ya rage laushi. A ƙasa da Tm kuwa, jelolin suna neman jeruwa su sandare, shi kuma ya shiga tsakani ya hana su haɗuwa yadda suke so, sai lifid ya ci gaba da motsi a zafin da da babu kolestarol da ya kafe. A nan ya ƙara laushi. Don haka jimlar nan da ake yawan ji cewa kolestarol yana taurara tantani rabin gaskiya ce.

Abin da yake haifarwa yanayi ne na uku: jeloli a miƙe kusan kamar na sandararre, amma lifid yana yawo kusan kamar a narkakke. Ana kiransa narkakke mai tsari, ana rubuta shi Lo. A nan ya wajaba a raba abu biyu da kalmar laushi take haɗawa, wato tsarin jela da saurin yawo. Zafi yana sauya su tare, kolestarol kuwa yana raba su. Mai gwaji da bai san wanne na'urarsa take aunawa ba zai fassara sakamakonsa a karkace.

Yawan kuma yana da matakai. A DPPC, kaso kaɗan cikin ɗari na kolestarol ya isa ya shafe ƙaramin sauyin da ke zuwa a wajen digiri 35 kafin babban. Daga kaso 20 zuwa 25 kaifin sauyin digiri 41 yana ɓacewa, sai wani faffaɗan tudu ya rage, wanda shi ma yake gushewa wajen kaso 50. Tantanin fosfatidilkolin ba ya ɗaukar fiye da kimanin kaso 66. Abin da ya wuce haka fita yake ya daskare kamar ƙanƙara. Tantanin waje na ƙwayar dabba yana ɗauke da kusan kaso 30 zuwa 40, na cikin ƙwaya da ake haɗa lifid a cikinsa kuma wajen kaso 5 kacal. Duk waɗannan kason na yawan ƙwayoyi ne, wato mol, ba na nauyi ba.

Gwajin da ke nuna ukun a lokaci ɗaya

Za a haɗa samfur uku: A shi ne DPPC tsantsa, B shi ne DPPC da kolestarol 70 da 30, C kuma DOPC tsantsa. Kowanne zai ƙunshi jimillar maikiromol 2 na lifid. Rinin da za a yi amfani da shi Laurdan ne, wanda yake zama daidai ƙasan kawunan lifid, launin haskensa kuma yana sauyawa gwargwadon ruwan da ya kutsa wurin.

A fara da lissafi, domin nan ne ake yin kuskure mafi yawa. Nauyin mol ɗaya na DPPC giram 734 ne, na DOPC 786, na kolestarol 386.7. Idan fosfolifid ɗin yana narke a kulorofom a miligiram 10 cikin mililita, kolestarol kuma a miligiram 5, ga abin da za a ɗiba. Samfur A yana buƙatar miligiram 1.47, wato maikirolita 147. Samfur C miligiram 1.57, wato maikirolita 157. Samfur B kuwa maikiromol 1.4 na DPPC, wanda ya zo miligiram 1.03 ko maikirolita 103, da maikiromol 0.6 na kolestarol, miligiram 0.232 ko maikirolita 46. A lura cewa kolestarol ɗin kaso 18 ne kawai a nauyi. Wanda ya auna 70 da 30 a sikeli ya samu kusan kaso 45 a mol, kuma ya shiga wani yanki dabam ba tare da ya sani ba. Sai a ƙara Laurdan ɗaya ga kowane lifid 500, wato nanomol 4: maikirolita 40 daga ruwan da ke da milimola 0.1.

Duk abin da zai taɓa kulorofom gilashi ne, sirinji da kwalba, marfin kuma mai shimfiɗar tefulon. Kulorofom yana tsotso sinadarai daga roba, kuma su kansu suna shiga tantani su sauya Tm. A yi aikin a cikin akwatin zuƙe hayaƙi.

A gauraya komai tun yana cikin kulorofom, sannan a busar da iskar naitirojin ana juya kwalbar a hankali har ya bar siririn fim a jikin gilashi. Daga nan a sa shi a injin zuƙe iska aƙalla awa biyu, kwana ma ya fi. Ragowar kulorofom yana sassauta jeloli, sai Tm ya sauko ya kuma faɗaɗa. Fim mai kyau kusan ba a ganinsa sai an ɗaga kwalbar ga haske. In ya taru fari a gindi, zai wahalar jiƙuwa, a samfur B kuma yana iya nuna cewa kolestarol ya ware tun wajen bushewa. Gara a sake narkar da shi a busar da kyau.

A zuba mililita 2 na ruwan bafa, misali HEPES milimola 10 da gishiri milimola 150 a pH 7.4, wanda aka riga aka ɗumama. Ƙa'idar ita ce a jiƙa a aƙalla digiri 10 sama da Tm na lifid mafi tauri a haɗin. Ga A da B a yi a digiri 55, na rabin awa zuwa awa ɗaya, ana girgizawa lokaci zuwa lokaci. In aka zuba ruwa mai sanyi a fim ɗin DPPC ba ya kumbura, sai dai ya ɓamɓaro gutsure-gutsure. C zai jiƙu ko a digiri 25, amma ya fi a bi da shi yadda aka bi da sauran don kwatancen ya yi adalci, a rufe shi da naitirojin. Abin da za a samu ruwa ne fari kamar madara, mai lifosom masu ɓawo kan ɓawo.

A daskarar a narkar sau biyar, sannan a tura ta matatar folikabonet mai rami nanomita 100, sau 11 ko 21. Adadin mara ne da gangan, don samfurin ya ƙare a sirinjin da bai fara a ciki ba, manyan gutsattsarin da ba su taɓa ratsa matatar ba su tsaya a baya. Ƙarfen da ke riƙe da sirinjin ma ya kasance a digiri 55. Idan hannu ya ji sirinji ya cije, kusan kullum sanyi ne ya sandarar da DPPC a bakin matata. A dakata ya ɗumama, kada a danna da ƙarfi matatar ta yage. Ruwan zai koma garai-garai da ɗan shuɗi-shuɗi. A guji farfasa lifosom da girgizar sauti a wannan gwaji, domin ƙananan da take samarwa sun lanƙwashe ƙwarai, har Tm na DPPC ya sauko zuwa wajen 37 ya kuma bazu.

A tsinka samfurin ninki goma zuwa milimola 0.1. A haska shi a nanomita 350, a karanta ƙarfin hasken da ya fito a 440 da 490, wato I440 da I490, sannan a lissafa GP, lambar da ke hawa idan tantani ya matse:

```
GP = (I440 - I490) / (I440 + I490)
```

A fara daga digiri 20 a hau zuwa 55, digiri biyu biyu, amma daga 36 zuwa 46 a riƙa hawa ɗaya ɗaya. A kowane mataki a jira minti biyar, a kuma auna zafin da ɗan ma'aunin da aka tsoma cikin ruwan samfurin. Lambar da injin ɗumama ruwa yake nunawa takan sha bamban da ta cikin kwalbar awo da digiri ɗaya ko biyu, kuma wannan ya isa ya sa a rubuta Tm na ƙarya. A cire karatun lifosom marasa rini daga kowace lamba.

Karanta abin da ya fito

A ɗauka, don misalin lissafi, samfur A ya ba da 800 a 440 da 220 a 490 a digiri 25. GP zai zama 580 a raba da 1020, wato 0.57: tantani a matse, ruwa bai samu shiga ba. A digiri 50 a ce ya ba da 420 da 500, GP ya zama -0.09. Abin da ake sa ran gani ke nan, layi a kwance a sama tsakanin 0.5 da 0.6, sai gangara mai tsini a 41, sannan saukowa a hankali. Tsakiyar gangarar ita ce Tm. Samfur C zai fara ƙasa da sifili tun daga digiri 20 ya ci gaba da sauka sannu a hankali babu tsalle, domin an bar Tm ɗinsa a baya da nisa.

Samfur B shi ne mai darasi. Babu tsini a 41, sai gangara mai sauƙi, kuma a digiri 50 GP ɗinsa yana nan sama da na A ƙwarai. Wannan shi ne kolestarol yana miƙar da jeloli a sama da Tm. Amma a digiri 25 za a ga B yana daidai da A ko kusa da shi, kuma a nan ne mutane ke cewa ashe kolestarol ba ya sassauta sandararren tantani. Yana sassautawa, Laurdan ne ba ya gani. Shi matsi da shigar ruwa yake aunawa, kuma yanayin Lo a matse yake kamar sandararre. Don ganin ɗaya rabin, sai an koma ga gwajin da ke auna yawo, kamar FRAP: a ƙona rinin wani ɗan fili da haske mai ƙarfi a kan shimfiɗaɗɗen tantani ko ƙaton lifosom, a ga tsawon lokacin da lifid masu haske daga gefe za su cike wurin. A digiri 25 tabon yana daɗewa baƙi a DPPC tsantsa, a mai kolestarol kuwa yana cikewa.

Idan gangarar A ta yi faɗi ko ta sauko ƙasa da 40, a bi abubuwa huɗu: ragowar kulorofom, rini da ya yi yawa, hawa zafi da gaggawa, ko lifid da ya tsufa ya fara rabuwa da jelarsa ɗaya. Na ƙarshen yakan faru idan an bar lifosom kwanaki a zafi ko a pH mai nisa da tsakiya. Idan aka sake saukowa da zafin aka ga layin hawa da na sauka ba su haɗu ba, lokacin jira ne bai isa ba. Idan C ne yake ba da lambobi masu sauyawa daga rana zuwa rana, a zargi iskar oksijin, wadda take cin haɗi mai ninki biyu. Lifid mai irin wannan jela ana ajiye shi ne a digiri 20 ƙasa da sifili, ƙarƙashin naitirojin ko agon, nesa da haske. Laurdan ma haske yana kashe shi, don haka a rufe tagar na'ura tsakanin karatu.

Kada kuma a kwatanta GP na wata na'ura da na wata kai tsaye. Kowace tana da yadda take jin shuɗi da kore, don haka a riƙa saka DPPC tsantsa a kowane zama a matsayin ma'auni.

Daga lifosom zuwa ƙwaya mai rai

Ƙwaya mai rai ba ta tsayawa a yi mata gwaji. A 1974 Michael Sinensky ya nuna cewa bakteriyar E. coli da aka raina a zafi dabam-dabam tana sauya jelolinta har laushin tantaninta ya kasance kusan ɗaya a zafin da ta girma. In sanyi ya sauko tana ƙara jela mai haɗin sis, musamman 18:1. Bacillus subtilis tana da furotin DesK a cikin tantani mai jin sauyin da sanyi ya kawo, yana sa a samar da inzayim da ke saka haɗi mai ninki biyu a jelolin da suka riga suka shiga tantanin. Abin da wannan yake nufi a aikace shi ne a rubuta zafin raino dabam da zafin awo, kuma in ana son ganin tasirin zafi shi kaɗai a auna cikin mintuna, kafin ƙwayar ta fara gyara kanta.

Mai son gwada kolestarol a ƙwayar dabba yakan cire shi da MβCD, wani sinadari mai tsotse shi daga tantani, milimola 5 zuwa 10 na wajen rabin awa a digiri 37, a ruwan raino marar ruwan jini, tun da ruwan jinin yana ɗauke da nasa kolestarol. GP na tantanin waje zai sauka. Sai dai sinadarin yana iya ɗebe wasu lifid ɗin, yana kuma kashe ƙwayoyi in ya yi yawa ko ya daɗe. Don haka a auna kolestarol da ya rage, a duba ƙwayoyin da suka rayu, sannan a mayar da kolestarol ta hanyar MβCD da aka riga aka cika da shi. In GP ya koma inda yake, kolestarol ne ya jawo sauyin; in bai koma ba, akwai wani abu da aka taɓa banda shi.